Mun karɓi kwaɗo mun bar mabuɗi: ina ƙofar jami'a ga wanda bai da bak?

Yau maganata a kan mutanen da ke aiki ne, suna da iyali, suna da hankali da sanin sana'arsu, amma ba su da takardar bak, kuma suna son shiga jami'a su yi lisansi. Ni ma na daɗe cikinsu, shi ya sa zan fara da kaina.

Na tsaya da lakwal bayan na samu BEPC, don mahaifinmu ya rasu kuma ni ne babba. Na shiga makarantar horon malamai, aka tura ni wani ƙauye cikin jihar Maraɗi. Shekara 12 ina koyarwa a firamare. Yaran da na koya wa a, b, c sun wuce ni, wasu na jami'a. Da na tashi neman ci gaba, amsa ɗaya nake samu ko'ina: "Mushe, je ka samo bak tukuna." To, sai na ajiye dosiye a matsayin kandida libir, wato wanda ke zana jarrabawa ba daga wata makaranta ba, na zaɓi sashen A4.

Ga yadda abin ya kasance. Ina tashi daga aji da marece, in gyara littattafan yara, in shirya darasin gobe, sannan in buɗe nawa littafin da fitilar waya. Karatun shekara uku na lise ne ya kamata in haɗiye ni kaɗai: faransanci, falsafa, tarihi da labarin ƙasa, ingilishi, lissafi da sauransu. Falsafa ban taɓa zama ajinta ba ko sau ɗaya. Ingilishi kuwa rabona da shi tun kwaleji. A zaman farko na samu 13 bisa 20 a faransanci, na samu 12 a tarihi, amma 4 a ingilishi, 5 a falsafa. Da aka haɗa, ban ma kai zagaye na biyu ba. Abin da ya fi yi mini ciwo ba faɗuwar ba ce. Shekara mai zuwa 13 ɗin nan da 12 ɗin nan ba su tare da ni, komai daga farko za a sake. Sai a zama na uku na samu, ina da shekara 36, bayan na ci bashi na biya wani malamin lise yana koya mini falsafa ranar Asabar.

Wani zai ce, to ai ka samu, mene ne abin kuka? Abin kukan shi ne mu bakwai muka fara tare a yankinmu, ni kaɗai na kai. Kuma ban fi su ƙwaƙwalwa ba. Akwai wata ƴar uwa ma'aikaciyar likita, wadda ta fi shekara goma tana karɓar haihuwa, ta bari bayan zama na biyu don ba ta iya haɗa gadin dare da goyo da haddace marubutan Faransa. Bak jarrabawa ce da aka ɗinka daidai jikin yaro ɗan shekara 18 ko 19 wanda ba shi da aikin komai sai zuwa aji. Tana auna ko ka bi karatun lise. Ba ta auna ko babban mutum zai iya bin karatun jami'a. Tambayoyi biyu ne daban, mu kuwa muna yi musu amsa guda.

Bak ɗin nan daga Faransa muka gaje ta, can aka kafa ta a 1808. Amma su masu abin ba su bar ta ita kaɗai a bakin ƙofa ba. Tun 1804 suna da abin da ake kira kapasite a fannin shari'a, karatun da mutum ke shiga ba tare da bak ba, in ya ci ya samu hanyar wucewa lisansin shari'a. Ƙasashe da dama na Afirka masu bin wannan tsari sun gaje ta. Sai dai ƙofa ce ta ɗaki guda: malamin da ke son ilimin koyarwa ko ma'aikacin gona da ke son kimiyya ba ta yi musu amfani.

Wadda ta fi dacewa da mu ita ce DAEU, takardar shiga jami'a da suka kafa a 1994 domin manya. Bari in faɗi yadda take aiki, don a nan maganar take. Wanda zai shiga dole ya kasance ya bar makaranta shekara biyu aƙalla. Sannan ko dai yana da shekara 20 da shaidar aikin shekara biyu, ko kuma ya kai shekara 24, ko da aiki ko babu. Lokacin da mace ta yi tana renon ɗa ana lissafa shi cikin shekarun aikin. Jami'a ce da kanta ke koyar da darussan, galibi da marece ko daga nesa, kuma ita ke yin jarrabawar. Fanni huɗu ne kawai. A sashen A, na adabi da shari'a, faransanci da wani harshe wajibi ne, sai ka zaɓi biyu. A sashen B, na kimiyya, faransanci da lissafi ne wajibi, sai ka zaɓi biyu. Mutum na iya zana duka a shekara ɗaya, ko kuma ya riƙa cin fanni ɗaya ɗaya ana ajiye masa, cikin shekara huɗu. In ya kammala, takardar na ba shi haƙƙi iri ɗaya da mai bak.

Ku ɗora labarina a kan wannan ma'auni. Shekarar farko da na ci faransanci da tarihi an ajiye mini su. Shekara ta biyu sai in sa ƙarfina duka kan biyun da suka rage, kuma da malami a gabana. Ingilishin da ya kayar da ni ba zai ɓace ba, dole in koye shi, amma zan koye shi ba tare da kayan fanni bakwai a kaina ba. Shekara biyu maimakon uku, kuma na tabbata da yawa cikin abokaina shida da ba su yar da alƙalami ba.

Na san a wannan zamani in ka ambaci Faransa wasu za su ɗaure fuska su ce kwaikwayo ya ishe mu. Na yarda, amma ai kwaɗon nasu ne muke riƙe da shi gam, mabuɗin muka bari. In kuma misalin gida ake so, ga Gana nan: jami'o'inta na karɓar manya daga shekara 25 ta hanyar jarrabawar shiga ta musamman. Ba wani abin Turai ba ne, tunani ne kawai cewa gemu ba ya hana ilimi.

Kuma ban ce a kwafo a manna ba. Abu biyu dole mu gyara. Na farko shi ne shaidar aiki. Can ana duba takardun biyan kuɗin asusun ma'aikata. Nan kuwa mai gyaran babur a Damagaram, da mai lissafin ƙungiyar manoman albasa a Tawa, da telan da ke da yara goma a shago, yawancinsu ba su da lambar CNSS. In aka sa wannan sharaɗi, masu aikin albashi kaɗai za su iya cika shi. Gara a tsaya kan shekaru da kuma gwajin farko na karatu da rubutu, wanda bai kai ba a sa shi ajin share fage na shekara guda. Na biyu shi ne harshe. Muna da dubban mutane da suka yi nisa a larabci, to a lissafa larabci cikin harsunan da ake zaɓa, kada a tilasta wa kowa ingilishi.

Akwai hujjoji biyu masu nauyi da ake kawo mini, kuma ba zan raina su ba. Ta farko, jami'o'inmu sun cika, masu bak ɗin ma wuri bai ishe su ba, ga batun kuɗin tallafin ɗalibai. Gaskiya ne. Amma ma'aikaci ba ya neman ɗakin kwana ko abincin jami'a. Ana iya farawa da adadi kaɗan a kowace shekara, a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da Andre Salifu ta Damagaram, da Jibo Hamani ta Tawa, ana darasi da marece da ranakun hutu lokacin da azuzuwan ke rufe, ɗalibi na biyan kuɗi daidai ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. Ta biyu, wai za a zubar da darajar jami'a, kowa ya bi ta taga. Wannan zai faru ne in aka mai da abin kyauta ko hanyar sani. Maganinsa a sa jarrabawar ƙarƙashin ofishin bak, a rufe sunaye a takardun amsa, a tsaya kan 10 bisa 20 ba ragi. Kuma sharaɗin shekaru ne zai hana yaron da ya faɗi bak bana ya zagayo ta nan baɗi.

In kuna son ganin inda daraja ke zubewa da gaske, ku dubi abin da rashin ƙofar halal ya haifar. Wani ƙanena ya biya kuɗin shekara uku a wata makarantar kuɗi da ta ce masa bak ba dole ba ce, ƙwarewar aikinsa ta isa. Ya fito da takarda mai kyawun kallo. Ranar da ya kai dosiyen gasar ɗaukar ma'aikata aka ce ya kawo kofin bak, nan magana ta ƙare. Don haka kafin ka ajiye jika ɗaya, ka tambayi abu uku: lambar izinin gwamnati na wannan fanni da kansa, ba na makarantar kawai ba, ko takardar ta samu amincewar gwamnati ko ta CAMES, da kuma a rubuce, da wace doka suka karɓe ka ba bak. In aka fara yi maka kwana-kwana, ɗauki kuɗinka ka tafi.

Ga wanda ke shirin zama bana a matsayin kandida libir, shawarata ita ce kada ya yi irin kuskurena na karanta abin da ya riga ya iya don yana masa daɗi. Ka nemo tambayoyin shekarun baya, ka zauna da agogo ka amsa, ka kai wa malamin lise ya sa maka maki ba sani ba sabo. Fannin da ka samu ƙasa da 7, can kuɗinka da Asabar ɗinka za su tafi.

Ga hukumomin ilimi mai zurfi da ƙungiyoyin malamai da na ma'aikatan lafiya kuwa, roƙona ɗaya ne: a zauna a rubuta doka a fili, a buga sharuɗɗanta da ranakunta, ta yadda malamin ƙauye zai san inda zai kai dosiyensa ba sai ya san wani ba. Ƴar uwar nan da na ambata har yanzu tana karɓar haihuwa, kuma masu lisansin da ake turo mata ita ke nuna musu aiki. Allah ya sa mu ga ranar da za a buɗe mata ƙofa. Amin.