Saƙo 74, mutum 31: abin da ya kamata a gaya wa mai tattasai

Duk wanda ya san Diffa ya san tattasai ne dukiyar bakin Komadugu. Bayan harin Bosso da Diffa na watan Fabrairun 2015 hukuma ta hana cinikinsa, sai a 2017 aka ɗage hanin. Waɗanda suka sake tayar da kasuwarsu sun san wahalar dawo da mai saye idan ya riga ya juya baya. Shi ya sa nake ganin kuskure ne yadda ƴan kasuwarmu ke barin maganar masu saye tana kwance cikin waya.

Kawuna yana aika busasshen tattasai Damagaram da Maradi. Ran nan ya miƙo mini wayarsa ya ce: "Ɗana, kai da aikinka sauraren mutane, saurara ka gaya mini me suke cewa, ni kaina ya ɗaure." Saƙon murya ne a WhatsApp na wata uku, guda 74, da Hausa da Barbarci, wasu da ɗan Faransanci. Shi abin da ya riƙe a ransa ɗaya ne, wai ana zarginsa da tauye buhu.

Na ɗauki kaye da bik. Na fara zubar da gaisuwa da tambayar farashi, guda 29, saura 45. Kowane saƙo na rubuta wanda ya aiko, da ranar, da abin da ya faɗa a layi ɗaya. Sannan na ƙirga mutane, ban ƙirga saƙonni ba, kuma nan ne duk maganar take. Ƙorafin tauye buhu ya zo sau 14, amma 11 daga bakin mutum ɗaya suka fito, mai zafin kai ne, kullum da dare yake aikowa. Idan aka ƙirga kawuna, mutum huɗu ne kacal cikin 31. A rediyo ma mun san wannan: mai kira kullum ba shi ne gari ba.

Abin da kawu bai lura da shi ba shi ne danshi. Mutum tara suka ambace shi, kowa sau ɗaya, kuma ba wanda ya ɗaga murya. Wani ya ce kayan ba laifi, sai dai na ƙasan buhu ya ɗan yi duhu. Wani ya ce sai da ya sake shanyawa kwana biyu. Wata ta ce bai dakuwa da kyau. Kalmomi daban-daban, cuta ɗaya: an zuba a buhu bai gama bushewa ba. Wanda ya bushe sosai karyewa yake, ka girgiza ka ji ƴaƴansa na ƙara; mai danshi lanƙwasawa yake, ya yi baƙi, daga baya ya yi hunhuna. Wanda bai san kayan ba zai raba waɗannan ƙorafin gida uku, kowanne ya zama ƙarami, a manta da shi. Kuma "ba laifi" a bakin Bahaushe ba yabo ba ne, kada a sa shi a layin yabo.

Da na duba ranakun, bakwai cikin taran sun faɗo cikin mako biyu, kayan lodi ɗaya. Biyu daga cikinsu ba su sake yin oda ba tun daga nan. Ba su yi faɗa ba, shiru kawai suka yi.

Mutum bakwai sun koka da jinkirin mota. Na rubuta, amma gefe na ajiye shi, don kawu ba shi da iko da hanyar Diffa zuwa Damagaram. Abin da ke hannunsa shi ne ya faɗi ranar isowa ta gaskiya.

Takardar da na ba shi layi biyar ce. Mutum 18 sun yaba jan launin kayan, shida sun yaba cika alkawari. Danshi mutum tara, yawanci lodi ɗaya, biyu sun daina saye. Jinkiri mutum bakwai. Tauye buhu mutum huɗu, a auna a gaban mai ɗauka.

Wani zai ce ai girman kawu ya fi a karanta masa laifinsa. Na yarda da ladabi, shi ya sa na fara da yabo, kuma yabon gaskiya ne. Amma da na sassauta na ce "wasu sun ɗan yi magana", da ya ci gaba da rigima da mai saƙon dare. Da na gama karantawa ya ce: "Ba ni sunan mutum biyun nan." Washegari ya kira su, ya kuma sa yaransa su riƙa zazzage buhu ɗaya cikin goma har ƙasa kafin a ɗinke baki.