Wa'azi ba ya biyan bashi: hanyar fita daga hannun masu ba da kuɗi da ruwa a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Shawara biyu ake yawan ba manomin da bashi ya yi wa katutu a ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan, kuma duka biyun ba su fisshe shi. Ta farko ta masu wa'azi ce: riba haramun ce, ya daina cin bashi daga yau. Ta biyu ta 'yan boko ce: ya jira rancen gwamnati mai sauƙi. Mai bin ta farko zai shuka masara ba taki, rumbunsa ya ƙare kafin Agusta, ya koma wurin mai kuɗin nan a kan sharaɗin da ya fi na da muni. Mai bin ta biyu kuwa jiran gawon shanu yake yi, domin shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya zama tarihi tun da bankin ya janye daga irin wannan rance a ƙarshen 2023. Abin da ke fitar da mutum shi ne lissafi, da sake sharaɗi da mai bin bashi, da rage rance damina bayan damina.

A ɗauki misalin manomin masara a gefen Hunƙuyi, da alƙaluman da aka sauƙaƙa don lissafin ya fito fili. A watan Mayu ya karɓi naira 100,000 don wata lalura, a kan ruwan naira 15,000 duk wata, wanda yake biya daga dakon rake da ƙwadago. A Yuni kuma ya karɓi ba-da-kaka na naira 120,000 don sayen taki, zai biya da buhu huɗu, wato an yi wa kowane buhu kuɗi naira 30,000. Idan buhu ya kai naira 45,000 da kaka, masarar naira 180,000 ya bayar: ƙarin kashi 50 cikin ɗari a wata biyar, kashi 10 ke nan a wata. Wancan na farko kashi 15 ne a wata, kuma ba shi da ranar ƙarewa. Zuwa Nuwamba ya biya naira 90,000, uwar kuɗin tana nan daram.

Matakin farko ke nan: a rubuta kowane bashi, a mayar da tsadarsa zuwa ta wata guda, a fara da wanda ya fi ci. Ba-da-kaka ya fi girma, ya fi ciwo ranar awo, amma yana mutuwa da kaka. Bashin wata-wata shi ne gyambon.

A nan ne laifin ɗan'uwa ma'aikaci yake, wanda ke Zariya ko Kaduna ana buga masa waya ƙarshen wata. Yakan tura naira 15,000 a rufa asiri, wata mai zuwa ya sake turawa. A wata huɗu ya zuba naira 60,000 a aljihun mai ba da rance, bashin bai ragu da ko kwabo ba. Da ya haɗa kuɗin nan wuri ɗaya, da sun zama abin ciniki. Sai a je da shaida, liman ko mai unguwa, a ce: ga naira 60,000 a hannu a cire daga uwar kuɗi, a tsayar da ruwa daga yau, ragowar 40,000 a biya a wata uku, 15,000 a Disamba, 15,000 a Janairu, 10,000 a Fabrairu. A rubuta, kowa ya sa hannu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta a yi da bashi mai wa'adi.

Za a ce mai kuɗi ba wawa ba ne, me zai sa ya yarda? Domin ya riga ya ci ribar naira 90,000, ba shi da takardar jingina, zuwa kotu ɓata lokaci ne da tonon asiri, kuma a gari ɗaya suke sallar Juma'a da wanda yake bi. Sassauta bashi ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zazzau. Masanin tattalin arziki Christopher Udry, wanda ya bi diddigin rance a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989, ya gano cewa abin da ake biya yana sauyawa gwargwadon halin da aka shiga: idan masifa ta sami wanda ya ci bashi, yakan biya ƙasa da yadda zai biya, idan ta sami mai bin bashin, a ƙara masa. Mai neman a sake masa sharaɗi ba bara yake yi ba, tsohuwar ƙa'idar gari yake nema a bi.

Amma akwai mai kuɗin da ba kuɗinsa yake so ba, gonar yake hari. Ana gane shi da abu uku: yana ƙin karɓar uwar kuɗi gutsi-gutsi, yana tayin ƙarin rance ba a nema ba, yana kawo zancen jingina. Irin wannan ba a zama da shi a zaure, sai gaban dagaci. Haka kuma kada a ɗora wa'adin biya a kan tumatir kaɗai. A 2016 tsutsar da ake kira sharon ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Takardar sulhu ta gari tana faɗin wata nawa za a ɗaga idan amfani ya lalace, ba tare da ruwa ya dawo ba.

Sai mataki na uku, wanda aka fi faɗuwa a cikinsa. Daga Maris, naira 15,000 ɗin nan ta zama ta manomin. Idan ta narke a cefane da biki, Yuni za ta same shi inda ta bar shi bara. Idan ya zuba ta a adashin da kwasarsa za ta faɗo lokacin sayen taki, daga Maris zuwa Yuni ya tara naira 60,000. Bana ke nan rabin ba-da-kaka zai karɓa, buhu biyu a maimakon huɗu. Buhu biyun da suka tsira ya ɗure su a buhu mai leda a ciki, wanda ke hana ƙwari numfashi, ya ajiye. Ko da farashi bai motsa daga naira 45,000 ba, sun ba shi 90,000, adashi ya cika sauran. A damina ta uku zai sayi takinsa da kuɗinsa. Dole a yi lissafin a kan farashin kaka, domin ba kullum masara ke tashi da bazara ba: a 2025 ta faɗi warwas alhali taki yana tsada, waɗanda suka ci bashi don su ɓoye hatsi suka ɗanɗana kuɗarsu.

Inda akwai rance mai sauƙi, kamar na Babban Gona, wanda ya fara aiki a wannan yanki a 2012 yana ba ƙananan ƙungiyoyin manoma iri da taki bashi zuwa kaka, yana da amfani idan ya maye gurbin ba-da-kaka. Idan aka ɗora shi a kan tsohon bashi, ko aka sayar da takin don biyan ruwan wata, an ƙara wa Barno dawaki ne kawai.

Haramcin riba gaskiya ne, kuma surar da ta haramta ta ita ce ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Malamin da ya tsaya a rabin farko ya bar mabiyinsa a hannun mai ba da rance. Liman ɗaya da zai zauna shaida a tsayar da ruwa, da ɗan'uwa ɗaya da zai ce a nuna masa lissafi kafin ya tura kuɗi, sun fi huɗuba goma amfani ga mai buhu huɗu a wuya.