Mai Daɗin Baki A Waya, Mai Gudun Zaure

'Yan'uwa, yau za mu duba sha'anin wanda aka haɗu da shi a manhajar neman aure, kullum kalmomi masu daɗi, amma da an ce a ga juna sai uzuri ya taso.

Mu ɗauki misalin ma'aikaciyar da wani ya shafe wata uku yana rubuto mata. Sau biyu ana sa rana, na farko ya ce tafiya ta kama shi, na biyu ya ce mahaifiyarsa ba lafiya. Kiran bidiyo kuwa, kullum kyamararsa a lalace take. Daga nan sai roƙon kuɗin mota.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci Mugira ɗan Shu'uba da ya je ya dubi wadda yake nema. Ko ɗan kasuwar Kwari ba ya biyan kuɗin atamfar da bai gani ba.

To, ga yadda ake ganewa. Ta ba shi lambar waliyyinta, ta nemi sunan unguwarsu da masallacin da yake salla, ta yanka masa mako biyu ya zo gidansu, ba wani keɓantaccen wuri ba. Mai kunya zai turo wansa ko kawunsa. Mai hoton aro, da mai ɓoye iyali, da ɗan damfara, kowace ƙofa aka buɗe musu sai su ƙi shiga. In wa'adi ya cika bai zo ba, ta rufe zancen, kada kobo ya fita daga hannunta.

Allah Ya sa mu dace, amin.