A Bar Mata Su Koyi Rubuta Bashi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, ya 'yan'uwana malamai da fatake, an buɗe wani karatu na matan aure a cikin wani gida a nan Daddara, inda wata malama take koya musu riƙon kuɗin gida bisa abin da Alƙur'ani ya shimfiɗa. Na ji waɗansu suna gunaguni, wai mace in ta san tsarki da salla ya ishe ta. Ni ban yarda ba. Shehu Usmanu a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da suke barin matansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, jajoji ta riƙa aikawa ƙauyuka su karantar da mata. To, wane ne mu?

Abin da na fi so a dage a kansa cikin karatun nan shi ne bashi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka. Ta ce a rubuta shi da ajalinsa, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kafa shaidu, kada kuma a ƙosa da rubutawa ko kaɗan ne. Galibin malamai sun ce wannan umurni na shiryarwa ne, bai kai wajibi ba, domin ayar da ke biye ta ambaci amana. Na sani. Amma malam, zauna a zaure wata guda kana sulhu, ka gani ko amana ta wadatar.

Dalili kuwa, dukiyar mace tata ce. Sadakinta, da akuyarta, da ribar man gyaɗa da ƙuliƙulin da ta soya, miji ba shi da iko da su, kuma ciyarwa tana wuyansa ko da ta fi shi abin hannu. Sai ga shi ran kasuwa ya ce, "Uwargida, ara mini." Ita tana lissafin rance, shi yana lissafin taimako. Ran da rai ya ɓaci, ko aka zo rabon gado, ba takarda, ba shaida.

Mu mutanen bakin iyaka muna da ƙarin wahala, domin kuɗi biyu ke yawo a hannunmu, naira da sefa. Ga misali. Mace ce ɗan'uwanta ya aiko mata da sefa jaka 20 daga Maraɗi, ta ranta wa mijinta ya yi jari zuwa kaka. A ce ran nan jaka guda naira 1,300 ce, wato naira 26,000 ke nan. Kaka ta yi, jaka ta koma naira 2,500. Shi ya ƙirgo 26,000, ita ta ce 50,000 take bi. Wa ke da gaskiya? Rance da irinsa ake mayarwa. Sefa jaka 20 ta bayar, sefa jaka 20 take bi. In ajali ya cika suka yarda a biya da naira, sai a bi canjin ranar biya, a ƙirga hannu da hannu, kada su rabu da saura a tsakaninsu. Haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amsa wa Ibnu Umar sa'ad da yake sayar da raƙuma da dinari yana karɓar dirhami.

Amma kada mata su yi murna da wuri. Da ita ce ta canza kuɗin ta miƙa masa naira 26,000, to ita za ta karɓa, ko da darajarta ta zube. In ta sharɗanta ƙari, ta ci riba haramtacciya. Kuma ba ya halatta a ƙulla tun farko cewa an ba da naira za a mayar da sefa, domin wannan canji ne da jinkiri. Kun ga ke nan kalma guda a takarda, "sefa" ko "naira", ita ce ke raba gardamar naira 24,000.

Wani attajiri ya ce mini, ai matan ba su iya boko ba. Na ce masa, Alhaji, wa ya ambaci boko? Wadda ta yi allo tana yarinya, ajami bai gagare ta ba. Layi guda ya isa: sunan mai karɓa, da adadi, da irin kuɗin, da rana, da ajali, da shaidu. Cinikin hannu da hannu, kamar ƙosan safe, ayar da kanta ta ɗauke masa rubutu.

Roƙona ga fatake shi ne kowa ya sayo wa iyalinsa littafi da alƙalami in ya shiga Jibiya ko Katsina. In kuma aka buɗe littafin nan aka ce ka yi shifta, Alhaji, kada ka ce raini ne, kai aya ta ɗora wa. Haza wasalamu.