Takardun tuni uku ga mai jinkirin biya: abin da ya kamata ya sauya daga ta farko zuwa ta uku

Yawancin masu sana'ar da ke ba da kaya bashi sun ɗauka cewa bin kuɗi tamkar hura wuta ne: a fara da lallashi, a koma ƙorafi, a ƙare da faɗa. Ina ganin wannan fahimtar ce ke sa mutum ya rasa kuɗinsa, ya kuma rasa abokin cinikinsa. Ladabin takarda ta uku bai kamata ya gaza na ta farko ba ko da ƙwayar zarra. Abin da ke sauyawa shi ne zaton da aka gina kowace takarda a kansa, da abin da take nema, da kuma yawan mafakar da ta bar wa wanda ake bi.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Wata ƙaramar maɗaba'a ta buga wa wata makarantar kuɗi littattafan rubutu da katunan sakamako na naira miliyan 1 da dubu 800. Makarantar ta ba da kafin alƙalami na dubu 800, aka kai kaya ranar 3 ga Satumba, aka yi yarjejeniya cewa za a biya cikon miliyan 1 cikin kwana 30. Ranar 3 ga Oktoba ta zo ta wuce, shiru.

Takarda ta farko ana gina ta ne a kan kyakkyawan zato, kuma ba don kara kawai ba. Sau da yawa jinkirin farko ba shi da alaƙa da taurin bashi. Takardar lissafin kaya ta maƙale a teburin wani, ko mai sa hannu ya yi tafiya, ko lambar asusun ta ɓace a cikin saƙonnin waya. Saboda haka aikin wannan takarda shi ne ta sauƙaƙa biya. Kwana biyu ko uku bayan cikar wa'adi, mai maɗaba'a zai rubuta wa ma'ajin makarantar, tunda shi ne mai riƙe da takardun:

“Assalamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya, ya ɗawainiyar sabon zango? Ina tuni ne game da cikon naira miliyan 1 na kayan da muka kawo ranar 3 ga Satumba, wanda wa'adinsa ya cika ranar 3 ga Oktoba. Ga kwafin takardar lissafin da lambar asusunmu. Idan an riga an tura, a sanar da ni in duba. Na gode.”

Gaisuwar cikakkiya ce, muryar kuma ta abokin hulɗa. Amma a lura cewa adadin kuɗin da ranakun biyu duk suna ciki. A nan ne kunya ke yi mana ɓarna. Da yawa sukan rubuta “ya maganar nan tamu?” su tsaya, suna ganin ambaton kuɗi ƙarara rashin ta ido ne. Irin wannan saƙon amsarsa ɗaya ce, “ana kai in sha Allahu”, kuma babu wanda zai ce an yi ƙarya. Haka nan ban ga dalilin buɗe takardar da “a yi haƙuri da damuwa” ba. Wanda ya ba da haƙuri don ya nemi haƙƙinsa ya riga ya koya wa ɗayan cewa biyan alfarma ne.

Takarda ta biyu ita ce mafi wuya, kuma a kanta ne aka fi yin kuskure. Kwana goma sun wuce, yau 16 ga Oktoba. Yanzu ba za a ce an manta ba, don haka maimaita saƙon farko da ƙarin “don Allah” ba ya haifar da komai, sai dai ya nuna cewa shiru ba shi da farashi. Sai dai kuma lokacin zargi bai yi ba, domin mai maɗaba'a bai san dalilin jinkirin ba tukuna. Jinkiri irin wannan yakan fito ne daga ɗayan abu uku. Ko dai makarantar tana da ƙorafi a kan kayan da ba ta furta ba, misali wasu katunan sun fito da kuskuren bugu. Ko kuɗin ne babu, saboda iyaye ba su gama biyan kuɗin zango ba. Ko kuwa kuɗin yana nan, amma ana biyan waɗanda suka fi matsawa, ana barin mai kawaici a ƙarshen layi. Kowanne da maganinsa, kuma takarda ta biyu ita ce ma'aunin da ke rarrabe su. Shi ya sa dole ta ɗauki siffar tambaya, tambayar da ba a iya amsa ta da addu'a:

“Assalamu alaikum Malam. Na rubuto ranar 6 ga Oktoba game da cikon naira miliyan 1, kuma har yau bai shigo ba. Kwana 13 ke nan da cikar wa'adi. Idan akwai matsala a kayan ko a lissafin, a faɗa mini in gyara cikin makon nan. Idan babu, ina so a ba ni ranar da za a biya. In biyan gaba ɗaya zai yi nauyi, za mu karɓi rabi yanzu, rabi ranar da za mu tsayar tare. Zan kira gobe da safe mu ƙarasa maganar.”

Sallama tana nan, amma tambayar gida da zango ta fita. “Ina tuni” ya koma “ina so a ba ni rana”. Wannan gajartar kaɗai saƙo ce, kuma Bahaushen da ya saba da doguwar gaisuwa zai ji ta ba tare da an ɗaga masa murya ba. Kiran wayar yana da muhimmanci, domin mutum yakan faɗi da baki abin da yake jin nauyin rubutawa, kamar cewa asusun makarantar a bushe yake. Bayan kiran sai a rubuta abin da aka tsayar a tura: mun yi magana yau, za a biya dubu 500 ranar 20 ga wata, sauran ranar 27. Wanda ke ganin wannan rashin yarda ne, ya tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da wa'adinsa take.

Amsar da aka samu ita ke bayyana irin mutumin da ake hulɗa da shi. Wanda ba shi da kuɗi amma yana da niyya yakan kawo rana da kansa, ko ya turo wani abu ko da dubu 200 ne. Mai ƙorafi na gaskiya yakan faɗi takamaiman abin da ya lalace da adadinsa. Wanda kuwa yake ja da gangan, amsarsa tana da daɗi amma babu lamba a cikinta, kuma uzurinsa na yau ba shi ne na makon jiya ba.

Akwai wata ɗabi'a da nake ganin ya kamata a guje mata a wannan matakin, wato jero matsalolin kai: ma'aikata suna jiran albashi, mai takarda ya matsa, kuɗin haya ya zo. Gaskiya ne, kuma yana iya taɓa zuciya. Amma yana mai da bashi taimako, shi kuwa taimako ana yin sa ne idan hali ya yi. Ranar da ma'ajin ya ce “wallahi mu ma haka muke ciki”, magana ta ƙare, tunda an koma gasar wanda ya fi shan wuya.

A ce ranakun da aka tsayar sun wuce ba a ga ko sisi ba. Takarda ta uku, ranar 30 ga Oktoba, tana sauya abu uku a lokaci guda. Tana barin saƙon waya ta koma takarda mai hatimin maɗaba'a, a kai ta hannu da hannu a sa hannu a kan kwafi. Tana barin ma'aji ta tafi ga mai makarantar, wadda wataƙila ma ba ta san da zancen ba. Sannan ta daina tambaya, ta koma sanarwa:

“Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa. Muna bin makarantarku cikon naira miliyan 1 na kayan da aka karɓa ranar 3 ga Satumba. Mun yi tuni ranar 6 da ranar 16 ga Oktoba, aka yi alƙawarin biya ranar 20 da ranar 27, ba a cika ba. Muna neman a biya kafin ƙarshen ranar 13 ga Nuwamba. Idan ranar ta wuce, ba za mu karɓi aikin buga takardun jarrabawar wannan zango ba, kuma za mu miƙa maganar ga lauyanmu. Mun fi son a warware ta tsakaninmu.”

Wannan ita ce mafi sanyi a cikin ukun. Babu “abin takaici”, babu “ba mu zaci haka daga gare ku ba”, babu tunatar da alherin da aka taɓa yi. Ranaku ne da adadi da abin da zai biyo baya. Dalilin sanyin shi ne wataƙila wani na uku zai karanta ta, ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, ko dattijon da aka sa ya shiga tsakani, ko alƙali. Kotunan ƙananan basussuka, waɗanda Legas ta fara a 2018 Kano kuma ta bi sahu, suna buƙatar mai ƙara ya fara aika takardar neman biya kafin ya shigar da ƙara. Kalmar zagi guda a cikin takardar ta isa ta ba wanda ake bi damar mai da zancen kan mutuncinsa da aka taɓa, a bar zancen kuɗin.

Sharaɗin takarda ta uku shi ne kada a ambaci matakin da ba za a ɗauka ba. Idan mai maɗaba'a ya san ba zai je wurin lauya ba, ya tsaya a kan dakatar da aiki, wanda a wannan misalin ma ya fi tasiri, tunda jarrabawa ta ƙarato kuma sabuwar maɗaba'a za ta nemi kuɗi hannu. Barazanar kiran 'yan sanda kuwa ba ta da gurbi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma mai makarantar da ta san haka za ta gane cewa mai barazanar ba shi da wani abu a hannu. Ƙara wani kaso a kan bashin saboda jinkiri shi ma ba hanya ba ce ga ɗan kasuwar da ke gudun riba, balle idan ba a rubuta shi a yarjejeniyar farko ba.

Za a iya cewa wannan tsari bai dace da kasuwarmu ba, inda mai makarantar ƙila surukar aminin mahaifinka ce, kuma takarda mai hatimi tana iya kashe hulɗar shekara goma. Akwai gaskiya a ciki, kuma shi ya sa nake ganin wurin mai shiga tsakani yana tsakanin takarda ta biyu da ta uku. A je wa dattijon da kwafin saƙonni biyun, ya ga cewa an bi ta lalama, ya nemi rana a madadin mai kaya. Idan ya samo ranar aka kuma cika, ba a buƙatar ta uku. Idan aka saɓa masa shi ma, to ranar 30 ga Oktoba sai a buga takardar, a aika masa da kwafinsa tun kafin a kai wa mai makarantar nata.