Hankali Ya Tafi, A Dawo Da Shi: Me Ake Nufi Da Maindfulnes?

Wata maƙwabciyata ta nuna min bidiyo a wayarta. Mai maganar na cewa idan mace ta zauna ta rufe ido minti goma kullum, hawan jini da rashin barci da ƙiba duk za su tafi. Ta ce, "Maman Hafsa, ke da kike asibiti, gaskiya ne?" Na ce mata da gaskiya a ciki, amma an zuba mata gishiri da yawa.

Abin da Turawa ke kira maindfulnes shi ne halartar da hankali kan abin da ke faruwa da ke yanzu, da gangan, ba tare da kin yanke wa kanki hukunci ba. Tushensa yana cikin addinin Budda. A 1979 wani masani, Jon Kabat-Zinn, ya cire ɓangaren ibadar, ya mayar da shi darasin mako takwas ga majinyata masu ciwo mai naci a asibitin Jami'ar Massachusetts ta Amurka. Ana haɗuwa sau ɗaya a mako na kusan awa biyu da rabi, a gida kuma a yi atisaye na minti 45 kullum. Wanda ake yi a asibiti horon hankali ne kawai, babu abin bauta a cikinsa.

Ga yadda nake yin ɗan gajerensa, na minti uku. Na dawo daga aikin dare, yarinya tana kuka, tunani ya faɗo min: "Ni kam ba uwar kirki ba ce." Minti na farko, ina duba abin da ke akwai: wuyana ya ɗaure, ƙirjina ya yi nauyi, ga kuma wannan tunanin. Sai in ce a raina, "Tunanin nan ya sake zuwa." Minti na biyu, ina bin numfashina, yadda ciki ke tashi yana sauka. Kafin numfashi biyar hankalina ya tafi kan kuɗin makaranta, sai in lura, in dawo da shi. Minti na uku, ina jin jikina gaba ɗaya, daga tafin ƙafa har ka, sannan in tashi in ɗauki yarinyar.

A nan mata da yawa ke karaya. Sun ɗauka ana so kai ya zama fayau babu tunani, da hankali ya gudu sai su ce sun kasa. Lura da gudun da dawo da shi, shi ne atisayen. Ba lallai ba ne kuma ki ji daɗi ko sanyin rai. Wani lokaci gajiyarki za ki gani ƙarara.

To, me bincike ya nuna? A 2014 masana a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47. Sun sami hujja matsakaiciya cewa yana rage fargaba, ciwon damuwa da raɗaɗin ciwo, ragin kuma ba babba ba ne. A kan barci da ƙiba hujjar ba ta isa ba, kuma bai fi motsa jiki ko magani ba.

Inda ya fi ƙarfi shi ne hana ciwon damuwa dawowa ga wanda ya yi fama da shi sau uku ko fiye. A wani gwaji a Birtaniya da aka wallafa a 2015, an raba mutum 424 gida biyu. Wasu suka ci gaba da shan magani, wasu suka yi darasin mako takwas tare da taimakon rage maganin. Cikin shekara biyu, ciwon ya dawo wa kashi 44 cikin ɗari na masu darasin, da kashi 47 na masu magani. Kusan kunnen doki ke nan. Dalilin da ake bayarwa shi ne mutum yana koyon gane baƙin tunani tun yana tasowa, kafin ya ja shi cikin rami.

Ga yara kuwa, wani babban gwaji a makarantu 84 na Birtaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 2022, bai ga ya fi darasin da aka saba koyarwa ba.

Ki lura, duk wannan a kan darasi ne mai malami, ba bidiyon waya ba. Don haka kada ki ajiye maganin hawan jini ko na damuwa saboda shi. Waɗancan majinyatan ma likita ne ya bi su a hankali. Idan kin taɓa shiga mummunan tashin hankali, kamar hari ko haihuwa mai wuya, zama shiru na iya dawo miki da abin. Da kin ji zuciya na bugawa, numfashi na sarƙewa, ki buɗe ido, ki taka ƙasa, ki dakata. Mai jegon da ta haura mako biyu cikin kuka da rashin sha'awar komai, ko take tunanin cutar da kanta ko jaririnta, asibiti za a kai ta, yau ba gobe ba.

Wadda ta gwada minti ukun nan a makon nan, ta faɗa mana ina hankalinta ya fara gudu. Nawa dai har yanzu kuɗin makaranta ne.