Zaki guda, fata uku: kafin a zuba wa yara "kashi na biyu"

Da an shiga bakansi, sai ka ga iyaye a rumfar masu tura fim suna miƙa katin waya, suna cewa a zuba wa yara "sabon na zakin nan". Hujjarsu guda ce: yaro ya san na farko, ya so shi. To, wannan hujjar ita ce jarin kamfanin fim. Da ita yake cin kasuwa, mu kuma muna ɗaukarta shaidar inganci.

Mu duba lissafinsu. Babban fim na Amirka yakan ci dalar Amirka miliyon 200 ko fiye kafin a fara talla, tallar kuma ita ma takan haura miliyon 100. Gidajen sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin shiga. Ke nan sai fim ya tara ninki biyu ko fiye na abin da aka kashe wajen yin sa kafin a fara zancen riba. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba ya son caca. Sabon labari sai an yi wa jama'a bayaninsa, an roƙe su su gwada. Tsohon suna kuwa ya riga ya yi wa kansa talla shekaru da dama, kuma yana sayar da riguna da jakunkunan lakwal ko bayan an manta da fim ɗin.

Ga misali. Disney ta fitar da The Lion King a 1994, zane ne na minti 88. A 2019 ta sake yin sa da na'ura mai ƙwaƙwalwa, dabbobin suka fito tamkar na daji, Jon Favreau ya ba da umarni, aka samu sama da dala miliyar 1 da miliyon 600. A 2024 ta koma baya ta kawo Mufasa, labarin ƙuruciyar uban Simba. Wane ɗan kasuwa ne zai bar rijiya irin wannan?

Amma mu da ba mu da kaso a ribar, me muka samu? Fim ɗin 2019 ya fi na asali da minti 30, duk da haka labarin bai motsa ba: Scar ya kashe ɗan'uwansa, Simba ya gudu, ya girma, ya dawo. Har buɗewar fim ɗin kusan hoto bayan hoto aka kwafo. Abin da ya fi damuna ma asara aka yi. A zanen 1994, lokacin da Simba ya tarar da gawar ubansa, ido da baki da kunnuwa duk suna nuna firgici, yaro ɗan shekara 5 yana karanta shi ba sai ya ji Turanci ko Faransanci ba. Zakin gaske ba ya yamutsa fuska irin haka, don haka a na 2019 murya tana kuka, fuska tana tsaye ƙyam. Ga yaranmu, waɗanda yawancinsu hoto suke bi saboda harshen ya fi ƙarfinsu, an cire musu daidai abin da suke fahimta da shi.

Kada wani malami ya ce to a hana duk wani kashi na biyu. Wannan ma lalaci ne. Toy Story ya fito a 1995, na uku a 2010, kuma na ukun ya cancanci zama. Andy, yaron da ke da kayan wasan, ya girma zai tafi jami'a, tambayar ta zama sabuwa: me zai faru da abin da aka so, aka kuma wuce shi? A ƙarshe ya miƙa su ga wata ƙaramar yarinya. Ba a iya ba da wannan labarin a 1995, sai da lokaci ya wuce.

Nan ne ma'aunin yake. Kafin ka tura fim, karanta taƙaitaccen labarinsa ko ka kalli tallarsa ta minti 2, ka tambayi kanka: wace matsala ce ke gaban jarumin wadda babu ita a na farko? In amsar ita ce maƙiyi ya ƙara girma, ko hoto ya ƙara kyau, ko kuma tallar cike take da tsofaffin waƙoƙi da fuskokin da aka sani, to tsohon tuwo ne aka ɗumama. Duba kuma ko an saki fim ɗin a sinima. The Lion King II na 1998 kai tsaye a kaset aka fitar da shi, hanyar da Disney ta bi shekaru tana yin ci-gaban finafinanta da kuɗi kaɗan.

Malami yana da wani gwaji da ya fi wannan sauƙi. Bayan ɗalibi ya kalla, a ce ya ba da labarin cikin jimla 3, sannan ya faɗi abu ɗaya da ya bambanta shi da na farko. In ya yi ta kame-kame ya koma bayar da labarin 1994, ba ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza ba. Babu abin da aka ƙara masa. A irin wannan hali ni na asalin nake sa a tura, ya fi gajarta, kuma yara sun fi gane shi.